Layin Kore a Wuyansa

A layin masu buga takardu Anti Gyara ake ce mata. Shekararta tara a shagon hoto, a kujerar da ke bayan labule, tana sauya wa mutane kaya a kwamfuta. Mai singileti ya shigo, ya fita da kwat. Ita kuwa ko gaisuwa a taƙaice take amsawa.

Aikin ba wani sirri ba ne. Za ta shafa ja a kan rigar da ake son cirewa, masu sana'ar suna ce wa shafin mas. Duk inda ja ya taɓa, na'ura ta sake zana shi, inda bai taɓa ba ta bar shi yadda yake. Kullum tana gaya wa sababbin shiga cewa gwanintar a bakin rigar take. In ka tsaya daidai kan layi, launin tsohuwar rigar zai leƙo. In ka zarce da yawa, na'ura ta ci fatar mutum, ta ba shi wuyan wani. Sai dai ka ɗan haura kaɗan, ka haɗa da inuwar rigar, ka laushe gefen don kada a ga mahaɗa.

Sati uku da rasuwar mijinta ta koma aiki. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ji komai ba, har abin ya fara ba ta kunya. Surukarta ce ta roƙa a cire wa marigayin koriyar rigar asibiti a hotonsa na ƙarshe, domin shi kaɗai ne hoton da ya yi dariya a ciki, mutumin da kyamara ke firgita shi kamar allura.

Shafin farko hannunta ya yi rowa. Farar riga ta fito tsaf, amma ga siririn layin kore ya zagaye wuyansa. Na biyu ta buɗe hannu har ƙasan haɓa, ta sa riga mai tsayin wuya. Koren ya tafi. Wuyan ya fito sumul, na wani mai lafiya da ba ta taɓa gani ba.

Ta koma kan na asali, ta ƙara girmansa har fatar ta zama ɗigo-ɗigo. Nan ta ga abin da na'ura ta cinye: ɗan yankan reza a gefen maƙogwaro. Ta fasa mai tsayin wuyan, ta zaɓi mai buɗaɗɗen wuya. Ta bi bakin koren a hankali, ta ɗan haura, ta kewaye yankan, ta bar shi a waje.

Da yamma ta kai hoton. Tsohuwar ta kai shi kusa da taga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a gefen maƙogwaron.

"Wane mugun wanzami ne ya yi masa wannan?"

"Ni ce, Inna. Da safiyar ranar da aka ɗauki hoton. Ya ce in yi sauri, kina hanya."

Anti Gyara ta ga tabarma, ta nufe ta, amma kafin ta kai ta zube ƙasa, kuka ya ƙwace mata.