Yari Antutu

Yari ɗan kawuna ne, ni kuwa Mas'uda 'yar gwaggonsa, don haka taubashina ne, ina da ikon in faɗi halinsa a gabansa da bayan idonsa. Ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Sabon Birni da Burkusuma. Babban ciwonsa tun yana yaro shi ne lamba mai yawa. In an kawo damman gero daga gona, Yari yawansu yake ƙirgawa ya shiga gari yana cika baki, ko sau ɗaya ba ya duba ko zangarniyar ta cika. Haka ya girma, gemu ya fito, hankalin bai biyo ba.

Abu ɗaya dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba: gem ɗin harbi na waya, wanda ake shiga mutum huɗu-huɗu. Shi ya haɗa ƙungiyar unguwarmu, shi ne madugunsu, kullum bayan la'asar suna gindin dalbejiyar bakin tasha. Ƙungiyar nan ita ce wurin da ake kiran sunan Yari da girma, ban san wani wuri na biyu ba.

Ana saura wata ɗaya su kara da 'yan garin Isa a gasar bayan Sallah, wayarsa ta faɗa kwata. Sai ya ja ragon da ya shekara yana kiwo ya kai kasuwa, don ya sayi wata. Rago ɗaya gare shi, wayar da zai saya kuma in ya kuskure ba shi da kuɗin wata.

Ni ke tsaron shagon wayoyin yayana, kuma na yi kwas ɗin kwamfuta a Sakkwato. Ya zo yana hura hanci, na ajiye masa wayoyi biyu da kuɗin ragon zai iya saya, shuɗiya sabuwar fitowa da baƙa wadda ta ɗan kwana biyu a kasuwa. Akwai manhajar gwajin waya da ake kira AnTuTu, tana sa waya aiki iri-iri ta ba ta maki. Yari ya ji sunanta a bidiyo, ya riƙe kamar karatun allo. Na nuna masa sakamakon kowace. Shuɗiya dubu ɗari huɗu da ashirin, baƙa dubu ɗari uku da casa'in.

"An gama magana," in ji shi. "Shuɗiyag ga za ni ɗauka."

Na ce, "Kai Yari, duba ƙasa mana. Wagga babbar lamba jimilla ce ta abu huɗu. Akwai makin ƙwaƙwalwar lissahi, akwai na saurin ma'ajiya, akwai na sauƙin amfani, kana akwai GPU. Shi GPU shi ka zana abin da kaka gani cikin gem, gidaje da hayaƙi da mutane. Na shuɗiya dubu sittin da biyar, na baƙa dubu casa'in da biyar. Shuɗiya wajen lissahi da ma'ajiya ta tara makinta."

"To wace ta hi maki?"

"Shuɗiya, amma..."

"Awo. Ke, sayar da caja munka san ki da shi. Mi kinka sani ga harbi?"

Raina ya ɓaci, na yarda. Duk da haka na ƙara gwadawa, na ce ya zauna ya buga gem ɗin minti ashirin a kowace, ya ga wadda hotonta zai tsaya daram in ta ɗauki zafi. Ya ce shi ba ya gardama da lamba, kuma fasinja na jiransa. Kafin ya bar kasuwa duk wanda ya gaisa da shi sai ya ji "Antutu ɗari huɗu da ashirin". Mahaifiyarsa, Inna Saude, da ta ji ya faɗa sau uku a tsakar gida, sai ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Wa yay yi tutun? Ku ɗauke shi mana." Daga ranar sunan ya bi shi.

Wayar ba ta da laifi, in gaskiya za a faɗa. Tana buɗe komai nan take, gem ɗin ma ita ke riga na kowa buɗewa. Yari ya riƙa ɗaga ta sama yana cewa su dubi yadda ya riga su shiga. Amma da an taru wuri ɗaya ana ɓarin wuta, wani ya jefa gurnetin hayaƙi, sai hoton ya fara tsalle. Ya auna mutum a nan, kafin hoto na gaba ya zo mutumin ya koma can, shi kuma an kwantar da shi.

Ya ce sabis ne. A garinmu wannan uzuri yana karɓuwa, don sabis ya sha ba mu wuya. Sai Muntaka, wani tela da ke zaman jiran gurbi a ƙungiyar, ya leƙa ya nuna masa lambar sabis ɗin a gefen fuskar wayar, kore shar, daidai da ta kowa. Muntaka kuwa shi ya sayi baƙar da Yari ya raina, bayan ya zauna a shago ya gwada ta kamar yadda na ce.

Yari ya dawo wurina a ɓoye, ba hura hanci.

"Taubashiya, ƙara mata ram ɗin nan mai sa waya sauri, wanda aka ƙarawa cikin saiti."

Na ce, "Wancan aron wuri na daga ma'ajiya, ba ya taɓa GPU. Shi a cikin guntun injin yake, ba a canza shi. Rage kyawon hoto zuwa na ƙasa, ka kashe inuwa, ka cire mata riga ta sha iska. Za ta yi dama."

Da ya yi haka da ya tsira da mutuncinsa, don wayar za ta iya gem ɗin a ƙaramin saiti. Amma Yari ya ce waya mai ɗari huɗu da ashirin ba za ta zauna a saitin talakawa ba alhali ta Muntaka na sama da ita. Ya mayar da saitin inda yake. Wannan kam ko ni ban yi zaton wautarsa ta kai nan ba.

Saura kwana uku gasa suka yi gwaji na ƙarshe. Sau huɗu ana shiga, sau huɗu Yari ne farkon faɗuwa, sauran uku na ɗaukar gawarsa. Wakili, wanda ya fi su shekaru, ya ajiye wayarsa ya ce, "Madugu, ba mu ƙi ka ba, amma 'yan Isa ba su san kara ba. Muntaka za ya shiga."

Ranar gasa na rufe shago na bi su Isa, don in ga ƙarshen abin da idona. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar wani mai shayi, mutum huɗu nan, huɗu can. Yari ya tsaya a baya da shuɗiyarsa a aljihu. Da aka rasa mai rubuta makin kowane zagaye, wani ɗan Isa ya ce a ba wancan mai tsayuwa. Wakili ya miƙa masa takarda da biro, ya ce, "Antutu, kai ka iya jimilla."

Kowa ya yi dariya, har ni. Sai na ga ya karɓi biron, ya durƙusa a gefen tabarmar ƙungiyar da shi ya haɗa, yana kallon yatsun Muntaka. Babban yatsansa na motsi a kan takardar, yana danna harbin da ba nasa ba. Nan na daina dariya, tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina da na ji shi.

'Yan unguwarmu suka ci. Yari ya haɗa makin daidai, bai kuskure ko ɗaya ba, ya karanta da ƙarfi, aka ɗaga Muntaka sama.