Sitikar da Na Manna wa Hular Yaya

Jama'a, ku gyara zama, ga Shugabar Ma'auna Kawuna, wadda babu ƙeyar da ta taɓa yi mata gardama: Gwaggo Tef, ƙanwar babanmu, mai shagon hular kwano a layin masu gyaran babur.

Da ɗinki ta fara, shi ya sa tef ba ya barin wuyanta. Da mijinta ya rasu ta gaji shagonsa, ta shigo da halin tela. Ba ta miƙa wa mutum hula sai ta zagaya kansa da tef, sama kaɗan da gira. In ya saka, ta kama hular ta juya. In fatar kumatu ta bi hular, ta yi. In hular ce ke yawo ita kaɗai, cire. Ta ja ta daga ƙeya ko za ta fita, ta zura yatsu biyu a ƙarƙashin maɗauri, in na uku ya shiga ta ƙara ɗaurewa. Masu babur na tsoronta kamar allura.

Ni ban taɓa tsoronta ba sai ranar Litinin ɗin nan.

Yayana yana kai saƙonni da babur a babban titi, tsakanin tireloli. Ranar Lahadi yana hutawa na saci makullin babur da hularsa. Kan Yaya kuwa, Allah ya yi halitta. Ina faɗawa wani rami hular ta zamo ta rufe min ido, na sha ƙasa, kaina ya daki bakin kwata. Na tashi garau. Ƙarzuwa ce kawai a gefen hagu na hular, na manna mata sitikar zaki, na mayar da komai wurinsa. Madubi ne kaɗai ya fashe, na ce iska ta ka da babur.

Da safe na je shagon Gwaggo neman madubi. Ta dubi gwiwar hannuna da ta ɗaye.

"Kai ka faɗi ko babur?"

"Mun raba, Gwaggo."

"Da hular wa?"

Na faɗa mata ina dariya, har da zakin. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo wata hula da ta raba biyu da zarto, ta nuna min farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin kwanon.

"Wannan ne ke shanye duka, sau ɗaya tak. In ya lotsa ba ya dawowa. Kwanon faiba, mai ƙarfin nan da ba ya lanƙwasa, yakan tsage, wani lokaci ka gani. Ta yayanka roba ce, ta lanƙwashe ta koma kamar ba a yi komai ba, ɓarnar tana ciki. Yana ina?"

"Ya fita tun ƙarfe bakwai."

"Da ita?"

Da ita kuwa ya fita. Na kira shi, wayar ta yi ta ringin. Na sake. Gwaggo ta ce yana kan hanya ne, ba zai ɗauka ba, amma na ga tana naɗe tef a yatsa tana warwarewa. An fara yayyafi. Ni na san yadda kwalta ke santsi da ruwan farko, na san kuma gefen hagu Yaya ke kwantar da babur a shataletale. Motar asibiti ta wuce da jiniya, na zauna a kan kwali. Matar Yaya tana da ciki wata takwas. Na yi ta tsara yadda zan faɗa mata cewa sitika na saka.

Kira na goma sha huɗu ya ɗauka.

"Wai mutuwa aka yi?"

Gwaggo ta fizge wayar. "Tsaya inda kake. Kulle babur, ka hau mota ka zo min da hular a hannu."

Da ya iso ta cire yadin cikin hular. Daidai bayan zakina soson ya lotsa, ga tsaga ta tafi har wajen kunne. Yaya ya daɗe yana kallon wurin. Bai mare ni ba, da ma ya mara. Gwaggo ta datse maɗaurin da almakashi don kada wani ya tsinta a bola ya saka, ta auna kan Yaya kamar yau ta fara ganinsa, ta ba shi ta faiba mai rufe haɓa saboda gudun babban titi. Ni kuma ta tura ni asibiti a duba kaina, ta ce ko babu komai a ciki a duba.

Da na dawo na tsaya a ƙofar shago, na rattabo mata kirarin nan na sama, Shugabar Ma'auna Kawuna da sauransu. Tana jera kaya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Matsa, ka tare min haske."