Linkin Kawu

Yayata tana aiki a shagon hoto, a kan teburin da ke bayan labule, inda fanka ba ta kaiwa. Abokan aikinta Mai Wa'adi suke ce mata. Sunan ya samo asali ne daga yadda take ba mutane hotunansu: ta zuba su a folda a ma'ajiyar intanet, ta tura wa mai su linki, ta ce, "Na kallo ne kawai, kana iya saukewa a wayarka. Na sa masa wa'adi, ƙarshen wata zai rufe kansa." Ko mai kuɗin unguwa ne ya zo yana hura hanci, abin da zai ji ke nan. Ta sha gaya mini cewa linki ba kwafin hotunan ba ne, ƙofa ce zuwa ɗaki guda ɗaya, kuma duk wanda aka tura wa ya shiga. Shi ya sa ba ta barin ƙofa a buɗe har abada.

A shago ke nan. A gida kuwa, Yaya ba ta iya cewa a'a ba. Dangi sun gane haka tun tana ƙarama, kuma wallahi sun more.

Bayan rasuwar Umma muka tarar da kaset-kaset a ƙasan akwatinta. Lokacin da Baba yake aiki a nesa, Umma ba ta rubuta masa wasiƙa, sai ta zauna gaban rediyo ta ɗauki muryarta, ta ba direba ya kai. Danshi ya riga ya ci su. Yaya ta aro tsohuwar na'ura, ta riƙa juyar da su zuwa kwamfutar shago ɗaya bayan ɗaya, a lokacin cin abincinta, ga ta da tsohon ciki. Wasu kaset ɗin zarensu ya tsinke suna gama juyawa, sauran suka manne. Ta ɗora muryoyin a folda, ta tura wa dangi linki na kallo kawai, da wa'adinsa kamar kullum. Mai shago kuwa yana share kwamfutarsa duk bayan an gama aiki, don haka foldar nan ita ce kaɗai inda muryar Umma ta rage. Yaya ta yi niyyar sayen filashi ta ajiye wani kwafi, ta ce sai ta ɗan sami sarari.

Sai ga Kawu, yayan Umma, ya zo har gida, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Ke, zo nan. Na je in gyara sunan da kika sa wa kaset ɗin nan, abin ya ce ba ni da izini. Ni? A kan maganar ƙanwata?"

"Kawu, ai kowa haka na ba shi. Faɗa mini sunan, yanzu in gyara."

"Kowa! Ni ne kowa? Kuma aka ce mini har wa'adi kika sa. Haya nake yi a wurinki?"

Ina zaune ina kallo, raina yana tafasa. Yaya ta durƙusa, ta ce to ya ba ta adireshin imel ɗinsa, ta ba shi ikon gyara shi kaɗai, sauran su ci gaba da kallo. Kawu ya ce shi bai san wani imel ba, mai shagon waya ne ya buɗe masa, kalmar sirrin ma ta bi ruwa. "Ki ba ni irin na manya kawai," in ji shi.

Na bi ta ɗaki na ce, "Yaya, kar ki yi. Ke kika ce mini mai gyara yana iya gogewa."

"Na sani," ta ce. "To ya zan yi? Yayan Umma ne. In ce masa ban yarda da shi ba?"

Ta mayar da linkin ya zama duk wanda yake da shi yana iya gyarawa, ta cire wa'adin. Abin da ba ta taɓa yi wa baƙo ba, ta yi wa Kawu don kunya. Shi kuwa ko godiya bai yi ba, ya sake tura shi a zauren dangi na waya da rubutu a ƙasa: "Na sa an gyara."

Ba a jima ba haihuwa ta zo mata da gardama, sai da aka yi tiyata. Ta daɗe a kwance, jaririn ma ba lafiya, waya tana can ƙasan jaka ba caji. Da ta sami kanta, wata rana da hantsi tana shayarwa, ta ce in miƙo mata wayar, tana so yaron ya ji muryar kakarsa. Ta buɗe foldar. Babu komai.

Ta ce kar in tayar da hankali, abin da aka goge yana zama a kwandon shara na ma'ajiyar kamar wata guda kafin ya tafi gaba ɗaya. Ta buɗe kwandon. Shi ma wayam, lokacin ya wuce tana gadon asibiti. Ta duba tarihin foldar ko za ta ga wanda ya yi, aka nuna mata "baƙo" kawai, tun da linkin bai tambayi kowa sunansa ba.

Ba mu sha wahalar nema ba. Kawu da kansa ya kira, na sa shi a sifika.

"Linkin nan naki ya lalace, ba ya nuna komai. Turo wani."

"Kawu, an goge su ne," in ji Yaya.

"A'a, nawa dai na goge. Waya ta ce ta cika, sai na share na wajena. Naki ai suna wurinki."

"Babu naka, babu nawa, Kawu. Guda ɗaya ne."

Sai ya ce, "To ke da kika san haka, me ya sa kika ba ni?"

Na fizge wayar zan yi magana, Yaya ta riƙe mini hannu. Abin haushin ma, ko ɗigon wuri gogewar ba ta ƙara wa wayarsa ba, don muryoyin ba a cikinta suke ba tun farko.

Muka bi dangi ɗaya ɗaya, ko akwai wanda ya sauke. Kowa ya ce ai yana ganin suna nan a linki. Guda ɗaya tak muka samu, wanda na sauke a wayata tun ranar farko, gajere ne. Umma tana gaishe da Baba, tana ba shi labarin rufin kicin da ke yoyo, sannan ta yi dariya ta ce, "Babbar 'yarka tana nan yadda ka bar ta. Jiya har takalminta ta bayar, ta dawo tana kuka."

Yaya ta saurara, ta sake saurara. Ta ajiye kwafi a filashi, ta buɗe sabuwar folda, ta ɗora shi, ta tura wa dangi linki. Ba a daɗe ba wayarta ta yi ƙara.

"Kin yi kuskure," in ji Kawu. "Na kallo kika turo mini, kuma wai zai rufe ƙarshen mako."

Yaya ta gyara wa jaririn kwanciya a kafaɗarta.

"Ba kuskure ba ne, Kawu. Ka saurara kafin ya rufe."