Kuɗin da aka ce na yi wa 'yan rawa liƙi

Ina tsakiyar yi wa shanu allura a wata ruga kusa da Dalijan wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Da na wanke hannu na duba, saƙonnin banki ne jere, ana ta zarar kuɗi daga katina da sunan shagon manhajoji na waya. Na taɓa ajiye katin a can don biyan ƙarin wurin adana hotuna, na manta da shi. Nan take na danna lambar rufe kati, amma rabin albashina ya riga ya tafi. Na nemi shiga imel ɗina, aka ce kalmar sirri ba daidai ba ce. An canza ta.

Washegari na baro Gwandu zuwa reshen bankina. Ma'aikacin da ke karɓar ƙorafi ya ce ba a turo mini lambar tabbatarwa ba ne saboda katin a ajiye yake, shagon na iya cira kai tsaye. Na yarda da wannan. Sai ya juya kwamfutarsa, ya ɗaga murya kamar mai shela, ya ce abin da aka saya tsabar liƙi ce, irin wadda ake watsa wa 'yan mata masu rawa kai tsaye a waya.

"Malam, da yawa sukan yi da kansu, in gari ya waye su zo su ce kutse ne."

A bayana a layi akwai kawun matata, dattijo daga Kalgo, ya zo karɓar fansho.

"Aikinka ka ba ni takardar ƙorafi," na ce. "Ba a ɗauke ka don ka auna mutuncina ba."

Ya miƙo ta yana murmushi, ya ce in kawo hujja.

Da tsohuwar lambata na ƙwato imel ɗin. Ga shi a fili, wata waya da ban sani ba ta shiga daga wata ƙasa. Na buga shafin na kai banki, na kuma kai ƙara ga shagon cewa ba da izinina aka yi sayayyar ba. Shagon ya ƙi mayar da kuɗin, wai an riga an kashe tsabar. Bankin ya tura buƙatar dawo da kuɗin ta hanyar kamfanin katin, na yi makonni ina sintiri, kowane zuwa a ce ana bincike.

Kafin kuɗin su dawo, magana ta zaga Kalgo. Matata ta je suna, ta dawo ba ta ci abinci ba. Surukata ta aiko a tambaya ko lafiya.

A ƙarshe kamfanin katin ya mayar mini da kuɗin, shagon kuma saboda haka ya hana asusuna na can sayen komai. Na koma bankin na ce wa ma'aikacin ya faɗi sakamakon da irin muryar da ya yi a ranar farko. Ko kai bai ɗago ba, ya kira na gaba. A ranar na kwashe sauran kuɗina na rufe asusuna na bankin.