Awaki Ɗari Biyu da Suka Ɓace a Buronmu

A shekarar da soja suka mayar da mulki aka zaɓi sababbin kansiloli, ina aiki a wani furoje, wato shirin tallafi, da ke raba wa mata jajayen awaki a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Tsarin habbanaye ne, irin na Fulani: a ba mace akuya, in akuyar ta haihu matar ta riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce hannun maƙwabciya. Ni dai ban taɓa riƙe igiyar ko guda ba. Aikina a buro yake, wato ofis, in karanta abin da aka rubuta da Faransanci in taƙaita shi da Hausa.

Wata Talata daraktanmu ya miƙo mini kile, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ordinater, kwamfuta ke nan, mai ɗauke da takardu. A ciki akwai diyapo kusan talatin, shafukan da za a haska a bango ranar da za mu yi wa sababbin kansiloli bayanin aikinmu a Agiye.

"Shafi ɗaya kawai nake so," in ji shi. "Kai za ka karanta masu da Hausa. Kada ka wahalar da kanka, an riga an gama komai."

Ina da wata ɗabi'a da ta sa abokan aiki ba sa son a ba ni takardunsu. Kafin in taƙaita abu, sai na bi shi shafi-shafi, duk lambar da na gani in duba me take ƙirgawa, ta wane lokaci ce, kuma wa ya kawo ta. Wani lokaci saɓanin na ido ne kawai. Nan ma na ga shafin da lambarsa ta yi rabin ta sauran, ashe mata yake ƙirgawa, kowace kuma awaki biyu ta karɓa. Wannan ba matsala.

Matsalar tana wani wuri. Diyapo na uku ya ce, da manyan baƙaƙe, an raba awaki dubu. Na goma sha ɗaya ya rarraba su: Agiye ɗari biyar, Gazawa ɗari biyu, Gidan Rumji ɗari uku. Na haɗa, dubu cif. Amma can kusa da ƙarshe, shafin likitan dabbobi ya ce an yi wa dukkan awakin da aka saya rigakafi kafin rabo, su ɗari takwas. Ko dai likita ya tsallake ɗari biyu, ko kuma ba a taɓa sayen su ba.

Likitan ya ce shi allurarsa ba ta ƙarya, kowace akuya sai da ya sa mata alama a kunne. Jami'ar Gazawa, wata baiwar Allah mai saurin magana, ta ce nata ɗari biyu ne, in ina so in zo in ƙirga. Na Gidan Rumji ma ya tsaya kan ɗari ukunsa. Saura jami'in Agiye, dattijon da ya koyar a lakol, wato makarantar boko, shekaru kafin ya shigo furoje, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Na same shi a rumfar mai shayi kusa da tasha.

"Mushe, ɗari biyar ɗinka, wane ƙauyuka ne a ciki?"

Ya fara jero su. Bai yi nisa ba na ji sunayen ƙauyukan Gazawa.

"Ai waɗannan na Gazawa ne," na ce.

"Gazawa ta wa?" Ya ajiye kofi. "Yaro, tun ba a haife ka ba Gazawa ke ƙarƙashin Agiye."

Gaskiyarsa ta wani fanni. A 'yan watannin nan ne aka ɓalle Gazawa aka ba ta nata sashen mulki, furoje kuma ya naɗa mata jami'arta. Ita ta aiko da lissafin awakinta, Mushe kuma bai cire su daga nasa ba, don shi a ransa ba a raba komai ba. Wanda ya haɗa diyapo a Maraɗi ya tara abin da aka ba shi. Awaki ɗari biyu sun shiga lissafi sau biyu.

Na koma wurin darakta da murnata. Ya saurara har na gama, sannan ya dafe goshi.

"Ka san na faɗi dubu a rediyo ran Juma'a?"

Ban sani ba. Ya tambaya ko ba za a iya barin dubun a shafi na uku ba, tunda ba kowa ke kai wa shafin likita ba. Na ce ana iya bari, amma ni wace lamba zan karanta? Mutum ne mai tsoron Allah, ko kuma mai tsoron masu bincike, ban tantance ba. Ya ce a gyara. Muka mayar da Agiye ɗari uku, jimla ɗari takwas, muka sake lissafin kason kowane sashe da ya dogara da tsohuwar jimlar, na kuma ƙara layi a ƙasa da ke bayyana dalili.

Ranar taro zaure ya cika. Na miƙe na karanta shafina, ina jin kaina kamar wanda ya ceci furoje. Ina kaiwa ɗari takwas wani kansila daga wajen Cadakori, mai babbar riga da sabon carbi, ya ɗaga hannu.

"Mi kac ce? Ni da kunnena na ji dubu a rediyo. Ina sauran ɗari biyun?"

Na yi bayani: ba su ɓace ba, sau biyu aka ƙirga su. Ya juya ga zaure yana murmushi.

"Kun ji ko? Akuya ɗaya ta zama biyu, yanzu kuma ta zama babu. To, zamanin da ake yi muna hakanga ya wuce. Jama'a suka zaɓe mu."

Aka tafa masa sosai. Darakta ya nemi Mushe ya tabbatar da maganata. Mushe ya tashi a hankali, ya gyara hula, ya ce shi dai abin da ya sani, ɗari biyar ya aika, yau kuma ya ga ɗari uku a bango. Ya zauna. Bai yi ƙarya ba ko kalma ɗaya.

Kafin azahar an kafa kwamitin binciken awaki. Da aka zo neman wanda zai riƙa rubuta masa bayani, sai kansilan ya nuna ni, wai ni na fi kowa sanin zancen.

Haka muka shiga ƙauyuka a motar furoje, daga Cadawa har iyakar Gidan Rumji, muna kama awaki muna duba kunnuwa. Matan suka ɗauka ƙwace su za a yi, wasu suka tura nasu daji tun da safe. Inda muka samu kuma, da yawa sun haihu, wasu tagwaye, kansilan kuwa ya dage sai an ƙirga har 'ya'yan, tunda su ma awaki ne. Na ce 'ya'ya ba sa cikin abin da aka raba. Ya ce in rubuta abin da ido ya gani.

Da muka tara, lissafi ya haura dubu. Kwamiti ya sanar da cewa, albarkacin sa ido na zaɓaɓɓun jama'a, an gano awakin da suka ɓace har da ƙari. Aka yaba wa kansilan. Mushe ya ci gaba da gaishe ni, amma a taƙaice. Jami'ar Gazawa kaɗai ta kira ni tana dariya, ta ce in an sake rabo in taimaka in ƙirga nata sau biyu.

Rahoton kwamitin shafi tara ne. Darakta ya karanta, ya turo mini shi ta kan tebur, ya ce a taƙaita masa a shafi ɗaya kafin Litinin.