Layin Tabarmar Iya

Duk wanda ya yi hoton biki a Gashua cikin 'yan shekarun nan, ko bai san sunan Fatihu ba, ya san hannunsa. Shagonsa na jingine da nawa a hanyar kasuwa, bango ɗaya ya raba mu. Ni ɗinki nake yi, shi gyaran hoto a kwamfuta, kuma mun daɗe muna musu a kan wanda ya fi rufa wa mutane asiri. Na ce babbar riga tana ɓoye tumbi, ya ce shi ko yadi ɗaya ba ya bukata.

Ɗan manoman shinkafa ne, amma tun yana ƙarami shi da taɓo ba sa ga maciji. Ya gudo daga fadama ya raɓe a wani shagon buga takardu kusa da jami'a, daga nan ya faɗa harkar hoto. Gajere ne, ga surutu, ga cin gyaɗa a kan kibod ɗin kwamfuta, kuma zaman kwamfuta ya ɗan ranƙwafar masa da kafaɗa tun bai yi aure ba.

Wannan ranƙwafawar ce ta fara ja masa abin kunya. Lokacin da yake neman Rahama, 'yar Nguru, aka ce ya turo hotonsa dangi su gani. A manhajar gyaran hoto akwai wani abu da suke kira likwifai, wanda ke mayar da hoto kamar danƙo: ka ɗora burushi ka tura, wurin ya bi hannunka. Fatihu ya tura kafaɗarsa baya, ya tura ɗan tumbinsa ciki, ya miƙe ƙyam kamar soja. Abin da bai lura ba shi ne, burushin ba ya bambanta mutum da abin da ke bayansa. Ƙofar da ya tsaya a gabanta ta biyo cikin nasa ta lanƙwashe.

Mahaifiyar Rahama, Iya Yagana, masaƙiyar tabarmar kaba ce. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana bin layi da ido, idan zare ɗaya ya kauce sai ta warware. Aka nuna mata hoton a wayar ƙaramar 'yarta Hadijatu, ta duba ta ce, "Yaron ba shi da laifi. Amma a ce masa ya nemi kafinta, ƙofar gidansu ta yi ciki."

Hadijatu kuwa abin nema ya samu. Har aka ɗaura aure ba ta kiransa da komai sai Mai Ƙofa. Mu ma 'yan layi muka ɗauka, ni ne ma a gaba.

Kunyar nan ce ta mayar da shi gwani. Ya daina fizgar hoto da ƙarfi, sai ya buɗe burushi ya yi faɗi, ya rage masa nauyi, ya riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan. Kafin ya fara sai ya shafe ƙofa da taga da gefen bango da wani jan fenti da ke daskarar da wuri, yadda ko burushi ya bi ta kai ba za su motsa ba. Idan layukan ƙofa ko taga sun matsu da jikin mutum sosai, sai ya yanke mutumin ya ɗora shi a falle nasa daban, ya gyara shi shi kaɗai, bango na ƙasa ba ruwansa. Idan ya gama ya jawo miƙaƙƙen layi ya aza a kan kowace ƙofa ya gwada. Amare suka riƙa zuwa har daga Jajimaji da Dapchi. Yana da doka ɗaya: ba ya rage mutum har uwarsa ta kasa gane shi.

Sai ciwon ƙoda ya kama Rahama. Mu mutanen Gashua ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba, da wuya ka sami layin da bai shiga ba. Ya fara da ƙafa, takalmi ya daina shiga. Ya hau hannu. Da safe fatar idonta kan kumbura har sai ta ɗaga kai kafin ta ga mutum. Aka fara zirga-zirgar wankin ƙoda, Fatihu ya rame, ita tana ƙara cika.

Rahama ta ce ko da wasa kada labari ya isa Nguru. Tana da dalilinta. Ƙanenta Mahmud wannan ciwon ne ya tafi da shi, kuma ranar da aka fita da shi Iya ta yanke jiki ta faɗi, tun daga nan take fama da hawan jini. Ga shi Rahama 'yar fari ce, Iya ba ta kama sunanta, ba ta kiranta a waya, ba ta taka gidanta haka siddan. Iyakarta ta ce wa Hadijatu, "Ya waccan ta Gashua?" Amsar kuwa hoto ce. Tun farkon aure Rahama ta saba duk Juma'a ta yi kwalliya ta zauna a kan tabarmar da Iya ta saƙa mata ta aure, mai jan layi da kore, a bakin ƙofar ɗaki, Fatihu ya ɗauka a tura. Idan hoto ya daina zuwa, Iya za ta tambaya. Idan ya je yadda take, Iya za ta gane da kallo ɗaya, don ta taɓa ganin irin wannan fuskar.

"Ka rage ni kawai," in ji Rahama. "Kafin in warware."

Ya ce to ta tashi daga tabarmar, ta tsaya a jikin farin bango, aikin zai fi sauƙi. Ta ƙi. Ta ce idan Iya ba ta ga tabarmarta ba za ta ce an raina ta.

Tabarma mai layi ita ce abu mafi wuya da za a ajiye a ƙarƙashin wanda za a rage. Idan ka tura ƙafa ciki, layukan su biyo ta. Idan ka yanke mutum ka rage shi, gurbin da ya bari sai an cike shi da tabarma, kuma saƙar Iya ba ta ƙirƙiruwa. Sai Fatihu ya samo dabara. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta ya ɗauki Rahama, sannan ya kama ta ta tashi, bai taɓa kyamarar ba ya sake ɗaukar tabarmar da ƙofar ba kowa. A kwamfuta ya jera falle uku: hoton gaskiya a can ƙasa, tabarma zalla a kansa, Rahama da ya yanko a sama. Ita kaɗai yake taɓawa. Ya rage kumatu, ya buɗe ido kaɗan, ya fito da wuyan hannu, ya ɗaga mata kafaɗar da gajiya ta saukar, sannan ya mayar mata da inuwarta a kan tabarma don kada ta zama kamar an liƙa ta. Duk inda jikinta ya ja baya, layin Iya na gaske ne ke fitowa, a miƙe.

Na gan shi yana wannan aikin wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, raina ya ɓaci. Na ce, "Fatihu, wannan ba gyara ba ne. Uwa fa ce."

Ya ce, "Yaya Dunoma, na yi mata alkawari. Idan Iya ta faɗi a kan wannan, Rahama ba za ta yafe wa kanta ba."

"Idan kuma Rahamar ce ta tafi, Iya ba ta sani ba?"

Ya jawo layinsa ya aza a kan ƙofa, ya ga daidai, ya tura. Can sai ga muryar Hadijatu a waya tana dariya: "Mai Ƙofa, Iya ta ce a gaishe ka, ta ce kana kula da amana." Ya kifa wayar ya fita bayan shago, ya daɗe bai dawo ba.

Haka aka ci damina. Hadijatu ta nemi kiran bidiyo, aka ce kyamarar wayar ta lalace. Ta ce za ta zo, aka ce ta bari su ne za su zo da Sallah. Tsakanin Nguru da Gashua ba wata tafiya ba ce, mutum kan je ya dawo kafin la'asar. Har yau idan na tuna da wannan sai zuciyata ta yi zafi.

Rahama ta rasu wata safiya, kafin Sallar. Kafin motar Nguru ta iso an kai ta makwancinta. Iya ba ta faɗi ba. Ta zauna a cikin mata tana karɓar gaisuwa, a nan ta ji wadda ta yi wankan tana ba wata labari cewa sai da aka yanke awarwaro kafin ya fita daga hannu.

Bayan an share makoki sai ga Iya a ƙofar shago, Hadijatu na riƙe da ita. Tun da ake, ba ta taɓa yi wa surukinta magana ido da ido ba. Fatihu ya zube ƙasa. Na tashi zan ba su wuri, ta yi mini alama in zauna.

"Ɗana," ta ce, "nuna mini 'yata."

Ya buɗe hoton Juma'ar ƙarshe. Ga Rahama fes, da ɗan murmushinta.

"Wannan na gan ta. Ita nake so."

A gefen kowane falle akwai ɗan hoton ido, idan aka danna, fallen ya ɓace, na ƙasansa ya bayyana. Ya danna na sama. Ya manta abin da ke biye. Rahama ta ɓace, ya rage tabarma da ƙofa ba kowa. Hadijatu ta ƙwalla ƙara ta toshe bakinta. Ya yi sauri ya danna na biyu.

Sai ga ta yadda take. Fuska ta cika, ido ya kusa rufewa, ƙafafu sun danne jan layi da kore. Murmushin dai shi ne, bai taɓa shi ba ashe.

Iya ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ce ya mayar da na farko. Ya mayar. Ta ce ya dawo da wannan. Ya dawo. Ba fuskar take bi ba, na lura, yatsanta na kan layin tabarma, daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya hau ƙofa.

"Duk Juma'a ina dubawa," ta ce. "Na ga tana yi mini kyau fiye da kima, raina bai kwanta ba. Sai na ce, yaron nan idan ya taɓa hoto ƙofa tana faɗa mini. Na duba ƙofa, na duba tabarma, layi ɗaya-ɗaya. Na ce lafiyarta ƙalau."

Fatihu ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro.

"Ka iya aiki, ɗana," in ji Iya. "Da ka bar mini layi ɗaya ya karkace, da na zo na riƙe hannun Rahama."

Ranar ce kaɗai na ji ta kama sunan.

Ta sa ya wanke mata na gaskiyar a takarda, ta naɗe a bakin zane ta koma Nguru. Shagon yana nan, amare na zuwa, yana gyara musu haske da kala. Idan wata ta ce a ɗan rage ta, sai ya nuna mata shagon gaba. Hadijatu kan kira shi su gaisa, amma yanzu Fatihu take ce masa.