Malam Ƙasimu da Rasidin Hular Zinare

Malam Ƙasimu mutum ne da ya yarda da takarda. Tun da ya gama difloma ya samu aiki a sashen rajista na wani ofishin gwamnati a Tarauni, bai taɓa yarda an haifi mutum ba sai ya ga shaida. Tsoho zai tsaya a gabansa da furfura da sanda, shi kuma ya dube shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ni na ga kana raye, amma fayil bai gani ba." Ba mugunta ba ce. Haka aka koya masa aikin, haka kuma yake yinsa.

A Babban Giji yake haya da matarsa Uwani, wadda take koyarwa a firamare, da ɗansu Haidar. Kaftanansa na zuwa aiki ba su da yawa, duk kalar toka ne ko abin da ya kusa da toka. Ba ya shan taba, ba ya bin majalisa. Abin da maƙwabta ba su sani ba shi ne, tun lokacin kullen korona Malam Ƙasimu soja ne. A cikin wani gem na waya, irin wanda ake sauke mutane da lema a tsibiri su yi ta harbin juna har a bar guda, sunansa Barden Tarauni. Kuma Barde ba ya sa toka. Yana da sulke mai walƙiya, da bindiga mai zanen damisa, da babur mai fitar da wuta, da wata hular ƙarfe ruwan zinare da aka daina sayar da irinta tuni.

Duk waɗannan saye ake yi. Yakan biya ta shagon Anas mai gyaran waya a Gyadi-Gyadi, ya faɗi lambar ɗan wasansa, Anas ya loda masa dayamon, wato kuɗin cikin gem. Kafin ya hau adaidaita sahu ya goge alat, ya yayyaga 'yar takardar da injin ya fitar, ya zuba a kwata. Mutumin da bai taɓa yar da kwafin takardar wani ba, nasa shaidun da hannunsa yake hallaka su, kuma da irin tsantsenin da yake adana na mutane.

Wata Talata, yana cin ɗanwake a ofis, saƙo ya shigo masa cewa kamfanin gem yana rabon dayamon kyauta ga tsofaffin 'yan wasa. Shafin da aka tura shi yana da tambarin kamfanin, shi kuwa Malam Ƙasimu yana girmama tambari. Ya rubuta imel ɗinsa da kalmar sirri. Aka ce ya saka lambar da za ta shigo masa yanzu, ya saka. Kafin la'asar gem ya fitar da shi waje, ashe ɓarawo ne, ya cire imel ɗin Malam Ƙasimu ya maƙala nasa. Washegari Anas ya nuna masa hoton Barde a wani guruf na masu cinikin akawun na gem, da hularsa da komai, an canza masa suna, an rubuta a ƙasa cewa na sayarwa ne, ba a son mai wasa da hankali.

"Yallaɓai, kai da kake tambayar tsoho shaidar yana numfashi," in ji Anas, "wani ya ce maka kyauta, ko katinsa ba ka nema ba?"

"Akwai tambari," in ji Malam Ƙasimu.

"Ni ma ina da tambari a kan allon shagona. Kawo mukullin gidanka."

Anas ya ce masa ya rubuta wa sashen taimako na kamfanin, kuma ya hanzarta, domin in aka sayar da akawun ya shiga hannu na biyu da na uku, maganar sai ta ƙara tsawo. Malam Ƙasimu ya rubuta. Amsa ta zo cewa ya kawo hujjar da ke nuna akawun ɗin nasa ne.

A nan ya ji ya dawo gida. Hujja sana'arsa ce. Ya ɗauki izini a ofis, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa shi, Ƙasimu, baligi, mai hankali, shi ne Barden Tarauni. Ma'aikacin da ya buga ta sai da ya tambaye shi ko sarauta aka yi masa. Ya je ofishin 'yan sanda ya karɓi takardar rahoton ɓacewar kaya, inda aka ɗan sha wahala wajen rubuta irin bindigogin da aka sace masa. Daga nan ya wuce wajen mai unguwa.

"Allah ya taimake ka, shaida nake so cewa ni mutumin kirki ne, kuma an yi mini sata."

"Subhanallahi. A gidan? Ta katanga suka shiga?"

"A'a, ranka ya daɗe, a waya. Sun tafi da sojana."

Mai unguwa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce Allah ya bayyana, ya kuma ƙara da cewa ya riƙa samun isasshen barci.

Malam Ƙasimu ya haɗa da hotonsa na fasfo da katin ɗan ƙasa, ya ɗauke su hoto tsaf, ya tura. Bai taɓa ganin fayil mai kyan wannan ba. Kamfanin ya gode masa ƙwarai, ya ce ya yarda shi Ƙasimu ne, sai dai ba a buɗe akawun ɗin da katin ɗan ƙasa ba, don haka babu abin da za su gwada takardun da shi. Abin da suke so kaɗan ne. Lambar ɗan wasa, da lokacin da aka buɗe akawun, da irin wayar da aka fara shiga da ita, da rasidin sayayya mai lambar oda, musamman na farko.

Ya koma wajen Anas. Anas ya tono masa rasidai daga nasa imel ɗin, kowanne ɗauke da lambar Barde. Aka tura. Kamfanin ya ce waɗannan za su ɗan taimaka, amma ta hanyar dillali kowa yana iya loda wa kowace lamba dayamon, ko abokinka ko wanda bai san ka ba. Rasidin dillali yana nuna an biya, ba ya nuna mai akawun. Suna son wanda aka saya daga cikin gem ɗin kansa, ta rumbun manhajojin waya.

"Ka tuna, yallaɓai," in ji Anas yana hura allon wata waya. "Kafin ka san ni, lokacin da katin banki na naira yake sayayya a ƙasar waje. Me ka fara saye?"

"Hular."

"Da katinka, daga cikin gem?"

"Da katina."

"To rasidin yana cikin imel ɗin da ke kan wayar a lokacin. Ba ya ɓata sai an goge. Wace waya ce?"

Nan Malam Ƙasimu ya tuna. A lokacin kulle ƙaramar waya mai toci gare shi. Babbar waya ɗaya ce a gidan, ta Uwani, wadda yakan ara da cewa zai duba labarin annoba.

Ya kwana biyu yana neman wata hanya, har ya sake tambayar kamfanin ko za a karɓi shaidu biyu adilai. Ba a karɓa. A guruf kuma wani ya fara taya Barde. Ranar Asabar da hantsi ya samu Uwani a tsakar gida tana makin littattafan ɗalibai, ya tsaya kamar yadda mutane suke tsayawa a gaban teburinsa.

"Maman Haidar, wata 'yar takarda nake nema a imel ɗinki. Ta aiki ce."

"Ta aiki? Faɗi sunanta in nemo."

Ya faɗi sunan gem ɗin a hankali. Ta rubuta a wurin bincike, saƙon ya fito nan take, yana zaune a wurin shekara da shekaru ba wanda ya buɗe shi. Ta karanta da muryar da take karanta wa 'yan aji uku labari.

"Hular ƙarfe, ruwan zinare, guda ɗaya. Baban Haidar, ina hular? Ban taɓa ganin ka da ita ba."

"Ba ni nake sawa ba."

"Wa ka saya wa?"

Sai da ya yi bayani tun daga tsibirin. Ta saurara har ƙarshe, ta tambayi ko hular ce kaɗai. Ya ce akwai sulke. Ta ce sai me. Ya ce babur. Ta dubi kwanan watan rasidin, ta ce a makon nan ne ya ce mata kowa ya ɗaure ciki, ba a san ranar da za a buɗe gari ba.

"Ashe kai kana can kana kare kanka daga harsashi. Sannu da ƙoƙari."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta ɗauki hoton rasidin yadda lambar oda da kwanan wata suka fito sarai, ta tuna masa samfurin tsohuwar wayar, domin kwalinta yana nan tana ajiye zare a ciki. Kamfanin ya nemi a rubuto daga imel ɗin da rasidin ya shiga, ta rubuta da kanta, ta gyara masa Turancin. Aka yi kwanaki ana dubawa. Daga baya amsa ta zo cewa bayanan sun dace da nasu, an cire imel ɗin ɓarawon, an maƙala akawun ɗin da wanda aka tabbatar, wato na Uwani.

Ita ta zaɓi sabuwar kalmar sirri, ta kunna tsarin da ke turo lamba a wayarta duk lokacin da za a shiga daga farko. Ta shigar masa a wayarsa ta miƙa masa. Da ya kawo shawarar a mayar da akawun ɗin kan nasa imel, sai ta ce ba ta ƙi ba, amma ta ji labarin yadda yake yi da lambobi idan aka tambaye shi da tambari. Anas ya ce a iya saninsa babu akawun mai tsaro irin wannan daga Unguwa Uku har Gyadi-Gyadi.

Kayan Barde suna nan cif, domin a gem ɗin ba a iya tura kaya zuwa wani akawun. Dayamon ɗin da ya rage ne ɓarawon ya ƙarar, wani ɓangare wajen canza suna. Sai dai ya bar wani abu da kamfanin bai ce zai gyara ba. A 'yan makonnin da Barde ya yi a hannunsa, ya kai shi wani matsayi da Malam Ƙasimu bai taɓa leƙawa ba a duk shekarunsa na soja. Abokan wasansa suka yi ta taya shi murna, shi kuma ya amsa da cewa sai godiya.

Gem ɗin yana haɗa mutum da sa'o'insa ne a matsayi. Saboda haka yanzu Malam Ƙasimu yakan sauka a tsibirin cikin sulke da hular zinare, a tsakiyar ƙwararru, kuma yawanci kafin ya gama naɗe lema an harbe shi. Anas ya ce ya yi haƙuri, in ya ci gaba da mutuwa a haka, zuwa ƙarshen zangon gasar za a mayar da shi cikin irinsa. Malam Ƙasimu yana bakin ƙoƙarinsa.